Kafin ka biya kuɗin fiyano na hannu a Damagaram: yadda ake gwada shi

Mai sayar da fiyano na hannu ya san abin da ke jan hankalin mai saye. Zai kunna kiɗan da ke ciki, ya ƙure murya, ganguna su tashi, algaita ta shigo, kai kuma ka tsaya kana gyaɗa kai. A cikin wannan hayaniyar babu lahanin da kunne zai kama. Maɓallin da ya mutu ba a taɓa shi ba, sifikar da ta yage ganguna sun rufe ta. Saboda haka abu na farko shi ne ka roƙe shi ya kashe kiɗan ya ba ka wuri ka zauna. Gwaji na gaskiya da murya ɗaya tak ake yin sa, a wuri mai shiru, kuma yana cin kusan awa guda.

Zan yi magana a kan fiyano mai maɓalli 61 mai kiɗa a ciki, irin su Yamaha PSR da Casio CTK, domin su ne suka fi yawo a hannun masu kiɗan biki da ƙananan situdiyo. Kusan babu na hannun da za ka samu ba lahani ko ɗaya, don haka ba neman marar aibi za ka yi ba. Aikinka shi ne ka raba lahanin gida biyu: wanda mai gyaran rediyo zai magance maka a nan cikin gari da sukundireba da auduga, da wanda sai an aika Kano ko ma gaba da Kano neman kayan gyara, a jira, wataƙila kuma a rasa. Na farko ragin kuɗi yake jawowa. Na biyu tashi ake yi a bar shi.

Abin da za ka riƙo, da inda za a yi gwajin

Ka zo da hedifon naka wanda ka san muryarsa, tare da ɗan kan da ke mayar da siririn baki ya zama babba, domin ramin yawancin waɗannan fiyano na milimita 6.35 ne. Ka zo da filash da babu komai a ciki, da wayar jak idan kana da ita, da salula mai tocila. Idan a Kasuwar Dole ka ga kayan, kada ka yarda a ƙare magana a bakin rumfa cikin ƙarar babura. Ku nemi shago ko gida mai wuta, ka ɗora fiyanon a kan tebur mai ƙwari. Idan aka ce babu wuta yau, ka dawo gobe. Fiyanon da ba a kunna ba, ba a saye shi.

Fara da adafta

Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali nan ne ake kashe fiyano. Juya fiyanon ka karanta abin da aka rubuta kusa da ramin wuta, sannan ka karanta jikin adaftar. Abu uku za su dace: yawan bolt, ƙarfin amfiya, da ɓangaren da ke tsakiyar baki, ko + ne ko −. Ƙananan Yamaha na jerin PSR-E bolt 12 suke sha, da adafta irin PA-130 ko PA-150. Manyan, irin su PSR-S670 da PSR-SX600, bolt 16 suke so, da PA-300C. Tsakiyar bakin Yamaha + ne. Tsofaffin Casio masu adafta AD-5 kuwa bolt 9 ne kuma tsakiyarsu − ne, wato akasin na Yamaha. Wanda ya soka adaftar wani a jikin wani don kawai bakin ya shiga, yana iya ƙona fanel, wato allon wayoyin lantarki da ke cikinsa, nan take.

Duba kuma layin da aka rubuta INPUT. Wutarmu bolt 220 ce. Kayan da aka yi wa kasuwar Japan 100 ne, na Amurka 120. Idan ka ga 100–240V babu damuwa. Idan 120V kaɗai ka gani, wannan adaftar ba ta wutarmu ba ce, kuma dole ka tambayi abin da aka daɗe ana kunna fiyanon da shi.

Samun adaftar da ba ta asali ba bai isa ya hana ciniki ba, amma kuɗin sabuwa ya fita daga farashi. Abin da zai sa ka ja baya shi ne ka ga robar bakin ramin wuta ta narke, ko ka kai hanci ka ji ƙauri. Ka ɗan motsa wayar a ramin bayan an kunna: idan fiyanon ya ɗauke, dalmar ramin ce ta saki, gyara ne mai sauƙi, amma ka lissafa shi.

Daga nan buɗe gidan batir, idan yana da shi. Farin gari ko kore a jikin ƙarafunan yana nufin an bar batir ya zube a ciki. Idan a kan sifirin kaɗai ya tsaya, ana kankarewa. Idan ka haska tocila ka ga ya bi waya ya shige ciki, ka yi hattara, domin ruwan batir yana cin layukan fanel sannu a hankali. Kafin ka mayar da shi daidai, dubi kawunan sukurorin ƙasa. Waɗanda suka cinye ko suka ɓace suna gaya maka an sha buɗe shi. Ba laifi ba ne a buɗe fiyano, sai dai ka tambaya me aka gyara, ka kuma lura da yadda aka ba ka amsa.

Mayar da shi fili kafin ka yanke hukunci

Wani abin da ke kama da lalacewa saiti ne kawai. Idan ACMP yana kunne, maɓallan hagu ba za su yi kukan fiyano ba, domin an ba su aikin juya kiɗa. Idan an kashe Local Control, babu maɓallin da zai yi magana ko da lafiyarsa lau. Idan an taɓa Transpose, muryar za ta hau ko ta sauka. Saboda haka ka kashe ACMP, ka kunna Local Control, ka kashe Split da Dual, ka mayar da Transpose kan 0, ka zaɓi muryar fiyano ta farko. A ƙananan Yamaha danna PORTABLE GRAND yana yi maka yawancin wannan a tashi ɗaya. Idan da hali ka rage Reverb, saboda amsa-kuwwa tana ɓoye abubuwa.

A Yamaha da yawa, idan ka riƙe farin maɓalli na ƙarshe a dama sannan ka kunna wuta, saitin yana komawa yadda ya fito daga kamfani. Wannan yana iya goge abin da mai shi ya adana, don haka kada ka yi sai da izininsa.

Maɓallai: nan za ka daɗe

Sai ka san abin da ke ƙarƙashin maɓalli kafin ka gane abin da kunnenka ke gaya maka. A ƙarƙashin kowanne akwai ɗan ƙoƙon roba, a cikinsa akwai baƙaƙen ɗigo biyu na kabon, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. In ka danna, dogon ya fara taɓa fanel, gajeren ya biyo baya. Na'urar tana auna ɗan lokacin da ke tsakanin taɓawa ta farko da ta biyu. Idan tazarar gajera ce, ta san ka buga da ƙarfi, sai ta ba da murya mai ƙarfi. Idan da ɗan jinkiri, ta san a hankali ka taɓa, sai ta yi laushi. Duk jin daɗin hannun da ake magana a kai daga waɗannan ɗigo biyun yake fitowa, kuma babban maƙiyinsu ƙura ce. Fiyanon da ya yi hunturu biyu ko uku a Damagaram ba a rufe shi da zane, da wuya a ce ƙura ba ta kai can ba.

Da farko ka tabbatar samfurin yana da wannan aikin tun asali. PSR-F51 da PSR-E273 ba su da shi, duk yadda ka buga murya ɗaya ce, kuma ba lalacewa ba ne. PSR-E363 da E373 da E463 da na sama da su suna da shi. Shiga Function ka nemi Touch Response. Idan ka tarar an ajiye shi a kan Fixed, ka mayar da shi Medium. Wannan wurin yana da muhimmanci ƙwarai, domin Fixed yana sa kowane maɓalli ya yi kuka daidai da ɗan'uwansa, sai lahanin roba ya ɓuya gaba ɗaya. Wani mai kayan da gangan yake barin sa haka, wani kuma don ya gaji da maɓallin da ke yi masa ihu ne.

Yanzu sa hedifon. Fara daga maɓalli na farko a hagu, da yatsa ɗaya, ka bi su duka har ƙarshe, farare 36 da baƙaƙe 25. Kada ka tsallake baƙaƙen, don su ne aka fi mantawa. Zagaye uku za ka yi.

Zagaye na farko a hankali ƙwarai, kamar ba ka so wanda ke ɗaki ya ji. Abin da kake nema shi ne maɓallin da zai fasa ihu alhali maƙwabtansa suna raɗa. Wannan alama ce ɗigon farko ya yi datti ko ya cinye, ba ya taɓawa a kan lokaci, sai na'urar ta ga kamar biyun tare suka sauka, ta ɗauka ka buga da iyakar ƙarfinka. Zagaye na biyu da ƙarfi, kana neman wanda ba ya tashi ko wanda ya yi shiru ɗungurum. Zagaye na uku ka buga kowanne sau huɗu ko biyar da sauri. A nan ne mai yi yau ya ƙi gobe yake bayyana, da wanda ke jinkirin dawowa sama, da wanda muryarsa ke maƙalewa bayan ka ɗaga yatsa.

Duk wanda ya ba da matsala, rubuta shi ko ka liƙa masa ɗan guntun takarda. Ba don ciniki kaɗai ba. Yadda marasa lafiyar suka jeru shi ne zai gaya maka girman cutar.

Idan a warwatse suke, ɗaya nan ɗaya can, mafi yawa a tsakiya inda hannu ya fi zama, to ƙura ce ko roba. Mai gyara zai buɗe, ya ɗaga robar, ya goge ɗigon da fanel da auduga da ɗan alkol, ba fetur ba, ba mai ba, kuma ba da gurza ba, don kabon ɗin siriri ne. Idan robar ta yage sai a canza sashen da abin ya shafa, domin a jere-jere take zuwa, kusan maɓalli goma sha biyu a kowane sashe.

Idan kuwa ka ga tsari a mutuwar, misali kowane na shida ko kowane na takwas ya yi shiru tun daga hagu har dama, ko kuwa jeri guda na maƙwabta sun mutu tare, wannan ba ƙura ba ce. Maɓallan suna tarayya a kan layukan waya, layi ɗaya yana ɗauke da rukuni guda, to layin ne ya yanke. Wani lokaci faffaɗar wayar da ta haɗa maɓallai da babban fanel ce ta saki, a mayar da ita a huta. Wani lokaci kuma ruwa ko shayi ne ya zube ya cinye layin, ko fanel ya tsage. Daga waje ba za ka iya bambancewa ba. Ra'ayina a nan ɗaya ne: ko a buɗe a gaban mai gyara kafin ka biya, ko ka haƙura da shi.

Bayan kunne sai hannu. Kashe muryar gaba ɗaya ka sake bin maɓallan. Durƙusa ka kalle su daga gefe, ka ga ko akwai wanda ya nutse ko ya ɗaga kai fiye da sauran. Kama bakin kowane fari ka ɗan kaɗa shi hagu da dama. Ɗan motsi kaɗan ba komai, amma wanda ke lilo har yana gogar maƙwabcinsa, gindinsa ya tsage. A ƙananan fiyano maɓallai da yawa a haɗe suke da roba guda a baya, don haka karyewar ɗaya tana nufin sayen rukuni. Ka kuma saurari ƙarar saukarsu. Akwai shimfiɗar auduga mai kauri da ke tare su a ƙasa da sama. In ta cinye za ka ji ƙwas-ƙwas na roba a kan roba, musamman a tsakiya. Ba ya hana kiɗa a filin biki, amma mai ɗaukar murya a ƙaramin ɗaki zai ji shi a makirfo, kuma yana nuna fiyanon ya sha aiki.

Kada ka zargi fiyano mai maɓalli 61 da cewa hannunsa ba nauyi. Haka aka yi su. Mai son nauyi irin na babban fiyano sai ya nemi mai maɓalli 88 mai guduma a ciki. Abin da ake nema a nan shi ne daidaito: kowane maɓalli ya ture yatsanka kamar yadda na kusa da shi ya yi.

Murya: hedifon da sifika su yi wa juna shaida

Da hedifon a kunne, ba tare da ka taɓa komai ba, ƙara murya zuwa sama. Ɗan huci siriri ba laifi. Gurnani mai kauri da ba ya tsayawa yawanci daga adafta marar kyau yake. Idan fiyanon yana aiki da batir, zare adaftar ka gwada da batir: in gurnanin ya ɓace, ka kama mai laifi. Juya abin ƙara murya sama da ƙasa kana riƙe da maɓalli. Ƙarar ƙarce-ƙarce ƙura ce, ana wankewa. Ka tabbatar kunnen hagu da na dama duka suna kawowa.

Sannan zare hedifon. Sifikun ciki su dawo nan take. A cikin ramin hedifon akwai ɗan harshen ƙarfe da ke yanke sifika idan an soka, ya mayar idan an zare. In ya gaji, sifika ɗaya ko duka biyun sai su yi shiru, mutum ya ɗauka sun ƙone. Soka ka zare sau da yawa ka ga ko za su dawo.

Yanzu zaɓi muryar bes, kai murya wajen kashi uku cikin huɗu, ka bi maɓallan hagu ɗaya-ɗaya kana riƙe kowanne. Idan ka ji zizar da ba ta cikin muryar, mayar da hedifon ka buga wannan maɓallin. In a hedifon muryar tas take, yawanci matsalar a sifika ce ko a gangar jiki: takardar sifika ta yage, ko sukuru ya saki, ko tsaba ta faɗa ciki. Dafa ragar sifikar da tafin hannu, in zizar ta tsaya, abin da ya saki ne kawai. Wanda zai riƙa haɗawa da manyan sifikun biki, wannan ba zai dame shi sosai ba. Amma in muryar a hedifon ma a dagule take, abin ya koma ciki. Sai ka kalli gilashin da ke nuna rubutu lokacin da kake bugawa da ƙarfi. Idan haskensa yana dusashewa tare da bugun, wuta ce ba ta isa ba, a gwada wata adaftar. Idan da adafta mai kyau ma haka ne, ka bar musu kayansu.

Akwai abin da ke tsorata sabon shiga wanda ba lahani ba ne. Kowane fiyano yana da iyakar muryoyin da zai fitar lokaci guda. PSR-E463 48 ne, PSR-S670 128. In ka kunna kiɗa, ka haɗa murya biyu, ka taka feda, za ka iya jin tsofaffin muryoyi suna yankewa don sababbi su samu wuri. Iyakar samfurin ke nan. Haka kuma Yamaha na zamani da yawa suna kashe kansu in an bar su kimanin minti 30 ba a taɓa ba, ana cire wannan a Auto Power Off.

Sai yanzu za ka bar kiɗan ya tashi. Danna START/STOP, INTRO, MAIN da ENDING, da madannan Registration, domin su ne suka fi shan duka. Wanda sai an danne da ƙarfi kafin ya amsa yana kan hanyar mutuwa. Murza wilin PITCH BEND, idan yana da shi, ka sake shi: muryar ta koma daidai inda take, in ba haka ba duk waƙar da za ka raka za ta karkace. Idan yana da ramin filash, soka naka ka ga ko zai gane shi, ka adana wani abu, ka kashe, ka kunna, ka nemo shi. Tsofaffi irin PSR-2000 da 2100 faifan fulofi suke ci, wanda samunsa yanzu aiki ne, sai in an canza musu da na filash. Gilashi kuma ka dube shi da kyau: layin da ya ratsa, ko rabin da ya dushe, ba ya warkewa, ƙaruwa yake yi, kuma a manyan samfura ba ka iya aiki ba tare da shi ba.

Duk wannan lokacin kada a kashe shi sai don gwajin filash, ko na batir da adafta. Wasu cututtukan sai ciki ya ɗau zafi suke fitowa, fiyanon ya daskare ko ya sake kunna kansa. Wanda zai yi aiki a rumfar biki a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, dole ya nuna yana jure rabin awa ana bugunsa a inuwa.

Mu ɗauki misali

A ce an kawo maka PSR-E463, samfurin 2018, an yi maka kuɗi jaka 150. Adaftar ba ta asali ba ce, an rubuta 12V a jiki, tsakiya +, amma amfiyarta ba ta kai abin da PA-150 ke bayarwa ba. Gidan batir tsaf. Touch Response yana kan Fixed. Ka mayar Medium, sai maɓallai uku a tsakiya suka fara ihu, biyu farare ɗaya baƙi, ba a jere ba, kuma babu wanda ya mutu ɗungurum. A hedifon murya tas. A sifika, in ka ƙure da bes, gilashi yana ɗan lumshewa kuma murya tana dagulewa. Aka sa batir shida sababbi, dagulewar ta tafi.

Karanta abin da ka samu. Ukun nan ƙura ce ko roba, tunda a warwatse suke. Dagulewar daga adafta take, tunda gilashi yana lumshewa tare da ita kuma batir ya kawar da ita. Fanel lafiya, gilashi lafiya. Wannan fiyanon saye ne. Kira mai gyara a waya tun kana wurin, ka ji nawa zai buɗe ya wanke, ka ji kuɗin adafta mai kyau, ka ƙara ɗan wani abu saboda ko robar za ta buƙaci canji, sai ka ce wa mai kayan: «Malam, ga abin da na gani, ga abin da zan kashe, a cire mini shi.» Mutum ya fi saurin sallamawa in ka sa masa hedifon ya ji da kunnensa.

Da a ce a wannan fiyanon kowane maɓalli na shida ne ya mutu, kuma ka ga koren tsatsa ya bi wayar batir ya shiga ciki, ko an rage maka rabin kuɗin ba riba ba ce.

In kun daidaita, duba takardar da ke manne a ƙasan fiyanon mai ɗauke da sunan samfuri da lambar SER. NO. Sunan ya dace da wanda ke sama, kuma kada a ce an kankare lambar. Kayan kiɗa suna ɓacewa a wuraren biki, ba ka so wata rana a tare ka a gaban jama'a. Ku rubuta 'yar takarda mai ɗauke da lambar, da kuɗin, da ranar, da sa hannun shaida, kuma in zai yarda a sa kwana biyu ko uku na gwaji a gida. Wajen ɗaukowa a babur, naɗe shi da bargo, wani ya zauna a baya ya rungume shi, kada a ɗaure da roba ta kan maɓallai.